Wasalin da ke kan lam a ayar alwala

Ina ɗalibi a zaure, wata safiya cikin hunturu, malaminmu na nahawu ya rufe Ajurrumiyya ya ce a ɗauko Alƙur'ani. Haka yakan yi in ya ga mun fara haddace ƙa'ida kamar waƙa ba mu san inda take aiki ba. Ya ce in buɗe Suratul Ma'ida in karanta ayar alwala. A bugun Hafsu aya ta 6 ce, a Alƙur'anin Warshu da muka tashi da shi kuwa ta 7 ce, domin ƙirgar Madina ta raba ayar farko ta surar gida biyu. Na ja karatu lafiya lau har na iso kan kalmar da ke nufin ƙafafu, sai harshena ya kai lam ɗinta ƙasa, na ce arjulikum.

Malam ya ɗaga hannu. "Koma, yaro."

Na koma na duba da kyau, na ga wasalin a bisa yake, na gyara na ce arjulakum. Na zaci magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Ya ce, "Abin da ka faɗa da farko ba lahani ba ne a Larabci, akwai manyan makaranta da suka karanta haka. Amma kai ba ruwaya ce ta kai ka can ba, kunne ne ya ja ka. To, gaya mini, me ya ɗora fataha a kan wannan lam?" Na ce, "Allah gafarta Malam, haka aka rubuta." Ya ce ya san haka aka rubuta, dalili yake tambaya. Ranar ba mu tashi ba sai da muka bi sunayen ayar ɗaya bayan ɗaya, kuma da ita nake koyar da li'irabi har yau.

Abin da ke wahalar da Bahaushe a li'irabi shi ne harshenmu ba ya taɓa ƙarshen suna don ya nuna aikinsa. Audu dai Audu ne, ko shi ya yi duka ko shi aka doka, wurin da ya zauna a jimla ne ke faɗa mana. Amma muna da wani abu mai kama da haka a jikin aikatau. Mukan ce ya sayi doki, ya saye shi, doki ya saya. Ƙarshen kalmar ya canza sau uku gwargwadon abin da ya biyo bayanta, kuma ko yaron goye ba ya cewa ya saye doki in sayen kawai yake nufi. Balarabe ya ɗora irin wannan canji a ƙarshen suna. Rufu'a ga wanda ya yi aiki, fataha ga wanda aikin ya faɗa wa, kisira ga wanda harafin jarri ya shigo wa ko aka jingina wani suna gare shi. Abin da ke jawo canjin shi malamai ke kira amili, wato mai aiki. Duk li'irabi neman wannan mai aikin ne. In ka ga wasali a ƙarshen suna, to igiya ce, sai ka bi ta ka ga a wane turke aka ɗaure ta.

Ayar tana umartar muminai, in sun tashi za su yi salla, su wanke fuskoki da hannaye zuwa gwiwar hannu, su shafi kawuna, sannan ta ambaci ƙafafu zuwa idon sawu. Aikatau biyu ne ke riƙe da wannan yanki, na wankewa da na shafa, kuma kowace gaɓa tana ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu.

Fuskoki ba su da gardama. Wujuhakum ta zo daf da umarnin wankewa, ita ce abin wankewar, saboda haka maf'uli ce mansubiya, alamarta fatahar da ke kan ha. Abin lura kawai shi ne inda fatahar ta zauna. Sabon ɗalibi yakan je can ƙarshen kalma yana neman alama a kan mim, alhali kum ɗin nan kalma ce mai zaman kanta, lamiri ne na mutanen da ake yi wa magana, an jingina fuskokin gare shi kamar yadda za mu ce fuskokinku. Lamiri ba ya canza siffa, sai dai a ce yana mahallin jarri. Ƙarshen sunan na gaskiya yana gabansa. Wannan yana da wani sakamako da na daɗe ina jin daɗinsa. Mai karatu yakan tsira daga li'irabi in ya tsaya a kan kalma, domin waƙafi yana kashe wasalin ƙarshe. Amma a nan wasalin yana ciki, lamiri ya tokare shi ta baya, ko ka tsaya ko ka wuce dole ka furta shi. Duka gaɓoɓin nan huɗu haka suke, babu wadda za ka iya haɗiye alamarta.

Hannaye sun biyo da wawun aɗafi, kuma ƙa'ida ce abin da aka haɗa da wawu ya ɗauki hukuncin wanda aka haɗa shi da shi. Fuskoki na nasabi, to hannaye ma na nasabi. Amma a saurari yadda kalmar take fita, aidiyakum, da ya mai motsi. Wannan suna yana ƙarewa da ya wadda kisira ta gabace ta, kuma irin wannan ya ba ta iya ɗaukar rufu'a ko kisira, sun yi mata nauyi a harshe, sai a ƙaddara su kawai. Fataha ce kaɗai take bayyana a kanta don sauƙinta. Malam bai bar mu mu karɓi wannan da ka ba. Ya ce mu gangara ƙasa a cikin ayar, inda ake maganar taimama. A can fuskoki da hannaye sun sake dawowa, amma wannan karon harafin ba ya shigo wa fuskokin, sun zama wujuhikum da kisira, hannayen kuma sun bi su a jarri. Sai ka ji an ce aidikum, ya ɗin ta kwanta ta zama ja kawai, kisirar tana nan a hukunci amma ba a jin ta. Kalma ɗaya, aya ɗaya, sau biyu, kuma kunnenka da kansa ya ji bambancin alamar da ta bayyana da wadda aka ƙaddara. Ban san wani misali da ya fi wannan shiga kan yaro ba.

Gwiwoyin hannu kuwa, almarafiƙi, kisirarsu daga harafin ila take, mai ma'anar zuwa. Da a nan maganar ta tsaya da mun wuce. Sai dai wannan jam'i yana kan sigar da nahawu ke cewa an hana ta sarfu, irin sigar masajid, kuma irin waɗannan sunaye ba sa ɗaukar tanwini, sannan a wurin jarri fataha suke ɗauka maimakon kisira. Me ya dawo da kisirar a nan? Alif da lam ɗin da ke farkon kalmar. Duk sunan da aka hana sarfu, in alif da lam suka shige shi ko aka jingina shi ga wani, yakan koma ya karɓi kisirarsa. Wannan ila ɗin ma ta sa malaman fiƙihu tambaya, shin gwiwar tana cikin abin wankewa ko a bakinta ake tsayawa? Mafi yawansu sun ce tana ciki, Zufar almajirin Abu Hanifa ya ce ba ta ciki. Li'irabi bai raba wannan gardama ba, domin kisirar ɗaya ce ko ta wace fuska aka fahimci harafin.

Daga nan aikatau ya canza, aka koma shafa, kuma kawuna ba su zo tsirara kamar fuskoki ba, harafin ba ya shigo musu, suka zama ru'usikum da kisira a kan sin. Dalilin kisirar a fili yake. Abin da ba a fili yake ba shi ne aikin da ba ɗin ta zo yi, tunda aikatau na shafa yana iya kama abin shafawa kai tsaye. Shafi'iyya suka ce tana nuna sashe, don haka ko kaɗan aka shafa na kai ya wadatar. Hanafiyya suka tsaya a kan kashi ɗaya cikin huɗu. Malikiyya, mazhabar da ƙasarmu ta ginu a kai, suka ce a shafe kai duka, kuma ɗaya daga hujjojinsu tana cikin ayar ita kanta. Wannan ba ɗin ce dai ta shigo wa fuskoki a taimama, kuma ba a wadatuwa da shafar gefen fuska a taimama. Shi ya sa yaron da ke koyon alwala a bakin rijiya ake ce masa ya kai hannu daga goshi har ƙeya.

Yanzu mun iso inda harshena ya zame. Kalmar ƙafafu tana zaune daf da kawuna, wawu ne kawai tsakaninsu, kuma kawuna na kisira. Kunne yana son maƙwabci ya bi maƙwabci, musamman kunnen Bahaushe da ya saba da jeri ne ke faɗin dangantaka. Amma fatahar da ke kan lam tana cewa a'a. Tana cewa wawun nan bai ɗaura ƙafafu da kawuna ba, ya tsallake jimlar shafa gaba ɗaya ya koma can baya ya ɗaura su da fuskoki da hannaye, ƙarƙashin umarnin wankewa. Da Hausa za mu faɗi wannan, sai mun maimaita aikatau mun ce ku kuma wanke ƙafafunku, in ba haka ba mai ji zai ɗauka shafa ake nufi. Larabci bai maimaita komai ba, ɗan karkataccen layi ɗaya ya ɗora a saman harafi.

Wannan ita ce ƙira'ar Nafi'u, wanda Warshu ya ruwaito daga gare shi, da Ibnu Amir, da Kisa'i, da Hafsu daga Asim, da Yaƙubu. Don haka ko Alƙur'anin tsangaya mutum ya ɗauka ko bugun Madina na Hafsu, fataha zai gani, shi ya sa mafi yawanmu muka girma ba mu taɓa jin ɗayar ba. Amma Ibnu Kasir, da Abu Amru, da Hamza, da Shu'uba daga Asim, da Abu Ja'afar, da Halaf, duk da kisira suka karanta. Dukansu ƙira'o'i ne tabbatattu, babu wadda za a ce kuskure ce. Har Asim shi kaɗai, almajiransa biyu kowa da tasa. Rubutun Mushafin Usmanu kuma ya ɗauke su duka, domin babu wasula a cikinsa, baƙaƙen kalmar ɗaya ne ko lam ta yi sama ko ta yi ƙasa. Wasula sun zo daga baya, ana danganta fara su ga Abul Aswad Addu'ali, wanda ya rasu a shekara ta 69 bayan Hijira, ya sa su ɗigo-ɗigo da tawada mai launi dabam da ta rubutu. Inuwar wannan tana nan a Alƙur'anin hannu na Kano da Barno. Na taɓa zama kusa da wani alaramma yana yi wa shafi wasali. Baƙaƙen ya riga ya gama su da baƙar tawada sun bushe, sai ya ɗauki wani alƙalami dabam ya tsoma a ja, yana bin layi yana motsa leɓe, ba ya sa wasali sai ya furta kalmar. Hannunsa yana bin abin da ya karɓa daga bakin malaminsa ne.

To, in kisira ta tabbata, me za a yi da ita? Nan ne li'irabi ya daina zama aikin ɗalibai ya zama abin da manya suka yi ta kai da komo a kai.

Wasu suka ce jarrin maƙwabtaka ne. Larabawa sukan ba kalma wasalin wadda ke kusa da ita ko da a ma'ana ba tata ba ce, kuma misalin da littattafan nahawu ke kawowa tun daga Sibawaihi shi ne na rusasshen ramin damo, inda siffar rushewa ta ɗauki kisirar damo alhali ramin ne ya rushe. A wannan fahimta ƙafafu abin wankewa ne, kisirar aro ce kawai. Zajjaju da Nahhasu ba su yarda a ɗora Alƙur'ani a kan wannan ba, kuma ni ma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. A maganar damo babu mai rikicewa, kowa ya san ba dabbar ce ta rushe ba, sannan babu wawu a tsakani. A ayar kuwa akwai wawu, kuma ana iya wanke ƙafa ana iya shafarta, don haka aron wasali a nan zai haifar da ruɗanin da li'irabi ya zo ya kawar. In muka ce wasali yana iya zama ado kawai a daidai wurin da hukunci ya rataya a kansa, mun tsinke igiyar da muka ce a bi.

Wasu, kuma ana danganta wannan ga Imamu Shafi'i, suka ce ƙira'o'in biyu halaye biyu suke faɗa. Fataha ga ƙafar da take tsirara, a wanke ta. Kisira ga ƙafar da ke cikin huffi, a shafa. Wannan ya bar kowane wasali da aikinsa na gaskiya, kuma sunna ta tabbatar da halayen biyu. Zamakhshari, wanda ya rasu a 1144 Miladiyya, ya kawo wani abu mai daɗin ji. Ya ce ƙafa ita ce gaɓar da aka fi kwarara wa ruwa, sai aka haɗa ta da abin shafawa don a ja hankali a kan ɓarna, sannan aka ambaci iyakarta don kada a zaci shafar ake nufi. Duk wanda ya ga yadda ake juye ragowar buta a kan ƙafa a bakin masallaci zai gane abin da yake nufi.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa fatahar ma ba ta rufe ƙofa ita kaɗai ba. Malaman Shi'a Imamiyya, waɗanda ke shafar ƙafa, sun ɗauki kisira a zahirinta, fatahar kuma suka ce aɗafi ce a kan mahallin kawuna, domin kawuna a lafazi majrurai ne amma a ma'ana su aikin shafa ya faɗa wa, wato mahallinsu nasabi ne. Aɗafi a kan mahalli abu ne da nahawu ya sani. Saboda haka kowane ɓangare yana da li'irabin da zai ba kowace ƙira'a. Abin da ya sa mazhabobi huɗu suka tsaya a kan wankewa ya haɗa da abin da ke wajen nahawu, wato siffar alwalar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda sahabbai suka ruwaito ta, da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim inda ya ɗaga murya a wata tafiya yana gargaɗi a kan diddigen da ruwa bai taɓa ba. Malam ya nanata mana wannan sosai. Ya ce li'irabi yana nuna maka hanyoyin da lafazi zai iya ɗauka, ya kuma toshe waɗanda ba zai iya ba, amma wani lokaci hanya biyu za su rage a buɗe, sai ruwaya ta zo ta nuna wadda aka bi. Ɗalibin da ya ɗauka da Alfiyya kaɗai zai yanke hukuncin alwala ya ɗora wa nahawu kayan da ba nasa ba.

Akwai kuma tambayar da fatahar ke tayarwa da kanta. In ƙafafu 'yan ɗakin fuskoki da hannaye ne, me ya sa aka raba su da 'yan'uwansu aka sa shafar kai a tsakani? Shafi'iyya suka ce ba a yanke jeri haka kawai, an yi ne don a nuna a bi gaɓoɓin a kan wannan tsari, suka mai da jerantawa farilla. A Malikiyya jeranta farillai sunna ce, kamar yadda duk wanda ya karanta Ishmawi ya sani.

Sunan ƙarshe shi ne wanda ɗalibai suka fi faɗuwa a kansa, alka'abaini, idon sawu biyu. Harafin ila ne ya shigo masa kamar yadda ya shigo wa gwiwoyi, don haka majruri ne. In ka tambayi aji mece ce alamar jarrinsa, hannaye za su tashi a ce kisirar da ke kan nun. Ba ita ba ce. Sunan tasniya ne, na abu biyu, kuma tasniya da harafi take li'irabi, alif a rafa'i, ya a nasabi da jarri. Alamar ita ce ya ɗin da ke gaban nun. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka mai da kalmar rafa'i, za ta zama alka'abani, ya ta koma alif, amma kisirar nun tana nan ba ta motsa ba. Abin da bai canza ba sa'ad da mai aiki ya canza, ba alamar li'irabi ba ne. Da wannan gwaji ake kama mafi yawan kurakuran li'irabi, a sauya mai aiki a ga abin da ya motsa.

Sai Malam ya yi mana tambayar da ya rufe darasin da ita. Me ya sa gwiwoyi suka zo a jam'i, idon sawu ya zo a tasniya, alhali mutanen da ake yi wa magana su ne dai? Muka yi shiru. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna gwiwarsa, ya ce kowane hannu guda ɗaya gare shi, don haka jam'in hannaye ya fuskanci jam'in gwiwoyi, kowane hannu da tasa. Sannan ya miƙo ƙafarsa daga kan buzu, ya sa babban yatsa a kan ƙashin da ya turo ta ciki, ya sa manuni a kan wanda ya turo ta waje, ya ce kowace ƙafa biyu gare ta. Da an kawo su a jam'i da an zaci kowace ƙafa ɗaya take da shi. Ya riƙe ƙasusuwan nan biyu da yatsunsa, ya dube ni ya ce, "Ɗauko daga farko." Na ja ayar, da na iso kan lam na buɗe ta, shi kuma bai ɗaga hannu ba.